Katin ruwan ƙasa: wa zai biya idan motar Kano ta yi haɗari a Maraɗi?

Direban da ya ɗauko kaya daga Kano, ya bi ta Jibiya ya shiga Ɗan Isa, yakan riƙe lasin da takardun mota da kyau. Katin inshorar ECOWAS, mai launin ruwan ƙasa, shi ne ake cusawa ƙasan jaka, ana ganin ba shi da aiki sai rufe bakin jandarma. Alhali idan tsautsayi ya afka a wancan gefen iyaka, shi ne takardar da za a fara nema.

An kafa tsarin ne da yarjejeniyar da shugabannin Afirka ta Yamma suka sa wa hannu a Kwatano ranar 29 ga Mayu, 1982, kuma sakatariyarsa tana Lome. Kowace ƙasa tana da ofishi guda da kamfanonin inshorarta suka haɗu a cikinsa. Aikin katin shi ne ya tsallaka da inshorar da ka saya a gida zuwa ƙasar da ka shiga.

A ce wani direba, kilomita kaɗan kafin Maraɗi, ya bugi mai babur. Mutumin ya karye a ƙafa, babur ya lotse, gaban motar ma ya fashe. Jandarmomi za su zo su auna wurin, su rubuta rahoto. A nan ne direba zai tsaya kai da fata a sa lambar katinsa da sunan kamfaninsa cikin rahoton, domin a kansa za a gina komai. Daga nan sai a sanar da ofishin katin na Nijar. Shi zai tuntuɓi takwaransa na Najeriya ya tabbatar katin na gaske ne, ya ƙiyasta ɓarna, ya sasanta da wanda aka buge, sannan ya nemi kuɗinsa daga ɓangaren da ya ba da katin. Mai babur ba sai ya je Kano neman haƙƙinsa ba.

Da dokar wace ƙasa ake yin lissafin? Da ta ƙasar da haɗarin ya faru. Nijar tana bin kundin inshora na CIMA, wanda ke auna diyyar rauni da rahoton likita da kuma mafi ƙarancin albashi na ƙasa. Don haka direba ya daina kawo hujjar yadda ake yi a gida.

Ga inda rai ke ɓaci. Kuɗin asibitin mai babur da gyaran babur ɗinsa suna cikin abin da katin ya ɗauka. Gaban motar da ya fashe ba ya ciki, haka buhunan da suka zube, haka jinyar shi direban idan ya ji ciwo. Katin na biyan wanda ka cutar ne kawai. Ba ya kuma goge laifin tuƙi, kotu tana nan da ikonta. Kuma biyan yakan ja lokaci, musamman idan ofishin Najeriya ya daɗe bai amsa wasiƙa ba, mota tana tsare, kaya suna lalacewa a rana. A ganina wannan jinkirin ne ya fi komai zubar da darajar katin a idon direbobi, har suke gwammace a yi sulhu a bakin titi, su biya daga aljihu. Wanda ya yi haka ba tare da rahoto ba, da wuya kamfani ya mayar masa da ko sisi.

Mafi muni shi ne katin jabu, irin wanda ake saye a hannun ’yan kamasho daf da iyaka. Ranar haɗari ofishin Najeriya zai ce bai san shi ba, nauyi duka ya dawo kan mai mota. A Najeriya, tun 1 ga Janairu, 2023, hukumar NAICOM ta sa kuɗin ƙaramar inshora ta motar gida naira 15,000, ta babbar motar kaya naira 100,000, kuma katin yana cikin kuɗin. Ka nema a wurin kamfaninka, ka duba lambar mota da ta shasi da ranar ƙarewa su yi daidai da sauran takardu. Ana iya tantance inshorar kanta a waya da *565*11#.

Tunda Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a 29 ga Janairu, 2025, sai ka sa kamfanin ya tabbatar maka ƙasar da za ka je tana cikin waɗanda katinka ya ɗauka. Mai bin Gamboru zuwa Kusiri da Njamena kuwa, wannan katin ba ya masa aiki. Kamaru da Chadi suna da nasu, mai ruwan hoda, na ƙungiyar CEMAC.