Buhu nawa zai rage kafin a kira dillali?

Mai gidan burodi ba ya jira sai fulawa ta ƙare kafin ya yi odar wata, domin tsakanin kiran dillali da isowar mota akwai kwanaki, kuma tanda ba ta hutawa. Abin da yake buƙatar sani shi ne adadin buhunan da in kaya suka sauko kansa, ranar zai yi oda. Wannan adadi shi ne matakin sake oda, kuma daga littafin sito ake fitar da shi.

A ce gidan burodin yana Gusau, fulawarsa daga Kano take zuwa, yana cin buhu 20 a rana, mota kuma tana isowa kwana 4 bayan oda. A kwanakin jiran nan za a ci buhu 20 sau 4, wato 80. Da kullum 20 ake ci daidai, da magana ta ƙare. Amma ciniki yau sama ne gobe ƙasa, don haka ake ɗora wasu buhuna a kan 80 ɗin, su ne kayan ko-ta-kwana.

Yawansu ya dogara ne da yadda cin fulawar yake hawa da sauka. Mu ɗauki kwana biyar daga littafin: buhu 14, 18, 20, 22 da 26. Matsakaicinsu 20 ne, tazarar kowace rana daga 20 kuma ita ce 6, 2, 0, 2 da 6. A ninka kowace tazara da kanta, a tara, za a sami 80. A raba da 5, ya zama 16. Sai a danna alamar √ a kalkuleta, ta ba da 4. Ke nan cin rana yakan kauce wa matsakaici da kimanin buhu 4. Kwana biyar don sauƙin misali ne. A wurin aiki a ɗauki na wata guda ko fiye.

Ba a ninka 4 ɗin nan da kwanakin jira kai tsaye, saboda ranar da aka ci da yawa da ranar da aka ci kaɗan sukan rage wa juna kaifi. Ana ninkawa ne da √ na kwanakin, wanda a nan 2 ne, sai a sami 8. Daga nan mai gida ya zaɓi irin kariyar da yake so. In ya yarda fulawa ta yanke masa sau ɗaya cikin oda 20, wato kariyar kashi 95 cikin 100, sai ya ninka 8 da 1.65, ya sami 13.2, a cike shi buhu 14. Matakin sake odarsa ya zama 94. In kashi 99 yake so, da 2.33 zai ninka, kayan ko-ta-kwana su zama 19, matakin ya koma 99. Kowane ƙari kuɗi ne a kwance, fulawa kuma in ta daɗe takan yi ƙwari, da damina ta sha raɓa ta dunƙule.

Inda lissafin nan ya fi ba mutane kunya shi ne lattin mota. An gina shi a kan cewa kwana 4 ba sa canzawa. Amma in mota ta lalace a hanyar Funtuwa ta ƙara kwana ɗaya tak, buhu 20 za a ci, alhali 14 aka tanada. Don haka dole a riƙa rubuta ranar oda da ranar sauke kaya. In littafi ya nuna isowar takan kauce da kwana ɗaya, sai a haɗa haɗarin biyu: 8 sau 8 ya ba da 64, 20 sau 20 ya ba da 400, jimla 464. √ nasa kusan 21.5 ne, sau 1.65 kuma ya kai buhu 36. Matakin ya tashi daga 94 zuwa 116. Buhu 22 na ƙarin nan lattin mota ne kaɗai ya jawo su, shi ya sa dillalin da ke cika alkawari yakan fi mai ɗan rangwame amfani.

Akwai abu biyu da za a kiyaye. Idan ana ƙirga kaya, a haɗa da buhunan da aka riga aka yi oda suna hanya, don kada a yi oda biyu. Sannan canjin da aka san zuwansa, kamar na watan azumi ko lokacin sanyi, ba aikin kayan ko-ta-kwana ba ne. Sabon matsakaici ake fitarwa daga littafin bara.

Littafin sito ne kuma zai nuna ko an yi daidai. A duba buhunan da suka rage duk ranar da mota ta iso. In sau da yawa sito wayam take tararwa, matakin ya yi ƙasa. In wata da watanni ba a taɓa ko buhu ɗaya na ko-ta-kwana ba, ya yi sama, sai a rage shi a saki kuɗin su shiga juyi.