Dalilin da Ya Sa Yatsu da Haƙora Ke Lalacewa a Hotunan Manhaja

Manhajojin da ke ƙirƙirar hoto daga rubutu, irin su Stable Diffusion da Midjourney da suka fito a 2022, ba su san ƙashi ko gaɓa ba. An horar da su ne da ɗaruruwan miliyoyin hotuna, kowanne da ɗan bayaninsa, suka koyi abin da ya saba zama kusa da wani abu. Idan za su yi hoto, sukan fara da ɗige-ɗige barkatai kamar na talabijin ɗin da ba ta kama tasha ba, su yi ta gogewa mataki-mataki har siffa ta bayyana. Babu matakin da ake ƙirga wani abu a cikinsa.

Hannu ya fi shan wahala. Fuska kusan kullum iri ɗaya ce: ido biyu, hanci a tsakiya, baki a ƙasa. Hannu kuwa ƙasusuwa 27 gare shi, yakan dunƙule, ya buɗe, ya riƙe kofi, ya shige aljihu. A wani hoto yatsu uku ake gani, a musabaha kuma yatsun mutum biyu sun cakuɗe. Bayanin hoto ba ya cewa "mai yatsu biyar", don ba wanda ke ganin buƙatar faɗa. Abin da manhajar ta tabbatar shi ne kusa da yatsa akwai yatsa. Inda jerin zai tsaya ba ta koye shi sosai ba.

Ga kuma ƙarancin wuri. Stable Diffusion na farko ba ya aiki kai-tsaye a kan hoto mai ɗigo 512 a tsaye da 512 a kwance. Yakan matse shi zuwa gida 64 a kowane gefe, wato ɗigo takwas a gida ɗaya. Idan mutum na tsaye daga nesa, faɗin hannunsa ɗigo 40 ne, to gida biyar kacal ya samu. A nan za a cusa yatsu biyar da ratar da ke tsakaninsu. Dole wasu su manne, wani ya tsiro daga gefe.

Haƙora ma haka: ƙananan farare a jere, sai su yi yawa, ko su fito girmansu ɗaya, babu fiƙa, babu tsakiya. Ƙirga kaya kuwa, ɓangaren da ke karanta umarni yana kama ma'anar "ƙwai a faranti" fiye da "bakwai". Biyu ko uku sukan yi daidai, sama da haka sai ƙiyasi.

Sababbin manhajoji sun rage kuskuren sosai, musamman daga 2023. Inda yake saura shi ne hannun da ke riƙe da abu, yatsun da aka sarƙe, da mutanen da ke can baya cikin taro.