Me ya sa zuciya ke ƙara ƙarfin bugu idan ta cika?

Zuciyar babban mutum da ke zaune yana hutawa tana tura kusan lita 5 na jini a minti ɗaya. Lissafin ba wuya: a kowane bugu ɗakin ƙasa na hagu yana fitar da kamar mililita 70, zuciyar kuma tana bugawa kamar sau 70 a minti. Ka ninka, mililita 4,900 ke nan.

To, me ke yanke yawan abin da bugu ɗaya zai fitar? Babban abu shi ne cika. Ɗakin kan ɗauki kamar mililita 120, ya matse, ya bar 50 a ciki. Idan jinin da ke dawowa ya ƙaru, bangon ɗakin zai ƙara miƙewa, miƙewar kuma tana sa zaruruwan tsokar su fi jin sinadarin kalsiyam, sai su matse da ƙarfi. Ba sai ƙwaƙwalwa ta ba da umarni ba. Wannan ce dokar Frank-Starling, daga sunayen Otto Frank da Ernest Starling. Ita ke sa ɓangaren hagu ya fitar da daidai abin da na dama ya turo masa ta huhu.

Amma fa akwai iyaka. Idan bugu ya yi sauri ƙwarai, ɗakin ba ya samun lokacin cika, sai abin da yake fitarwa ya ragu. Zuciya mai rauni kuwa, ko ta cika, ƙarfin da take ƙarawa kaɗan ne. Jini ya taru a baya, ruwa ya shiga huhu, ƙafafu su kumbura, mutum ya kasa kwanciya ba tare da haki ba.