Ribar manomi ɗaya ba ribar dukan manoma ba ce

Idan manomin tumatir a Kadawa ya ninka kwandunan da yake kaiwa kasuwa, kuɗinsa ma sai su ninku, domin kayansa ba su isa su girgiza farashi ba. To amma fa kowa ya ninka nasa a lokaci guda? Kasuwa ta cika, tumatir kuma ba ya jiran mai saye, farashi ya zube. A ce kwando ya sauko daga naira dubu goma zuwa dubu huɗu: mai kwando goma da ke samun dubu ɗari, yanzu ya kai ashirin, ya tashi da dubu tamanin. Kuskuren shi ne ɗauka cewa abin da ya yi wa mutum ɗaya daidai zai yi wa kowa daidai.

Akwai kuma kishiyarsa, wato ɗora halin ƙungiya a kan kowane ɗan cikinta. Girka ta ɗauki kofin Turai a 2004, amma hakan bai mai da kowane ɗan wasanta gwanin nahiyar ba. Tsarin tsaron gida na koci Otto Rehhagel ne ya kai su. Mai son sayen ɗan wasa ya duba ƙafarsa tukuna, kofin na ƙungiya ne.