Ƙasar da “Ni” Ke Canzawa Daga Ɗaki Zuwa Ɗaki

Mu Hausawa, ko da wa muke magana, “ni” tana nan a “ni”. Abin da muke dubawa kawai shi ne namiji ne ko mace, mu ce “kai” ko “ke”, in babba ne mu ce “ku”. A harshen Biyetnam ba haka abin yake ba. Sunayen dangantaka su ne suke amfani da su a gurbin “ni” da “kai”.

Mu ɗauki wata yarinya, Lan, mai shekara 15, tana so ta ce “na gode maka”. Godiya a harshensu ita ce “cảm ơn”. In yayanta namiji take yi wa, sai ta ce “Em cảm ơn anh”, wato ƙanwa ta gode wa yaya. In ta shiga ɗakin mahaifiyarta, sai ta ce “Con cảm ơn mẹ”, ’ya ta gode wa uwa. In kuma ƙanwarta ce, sai ta ce “Chị cảm ơn em”, domin yanzu ita ce babbar yaya. Yarinya ɗaya, “ni” uku.

Ku lura da “em”. A jimlar farko tana nufin “ni”, a ta uku tana nufin “ke”. Kalmar matsayi take bi, ba mai magana ba. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne baƙo ya tambaye ka shekarunka tun haɗuwar farko. Yana neman sanin yadda zai kira ka ne.

Saboda haka mai fassara daga Hausa ba zai iya rubuta ko jimla ɗaya ta hira ba sai ya san wa ya girmi wa, kuma me ke tsakaninsu. Ƙamus zai ba shi “tôi” a matsayin “ni”, amma kalma ce ta nesa-nesa, irin ta ofis. In ya sa ta a bakin Lan tana magana da mahaifiyarta, ya mayar da ita marar tarbiyya.

In kuma zuwa Hausa ake fassarar, tarkon daban ne. Miji da mata ma “anh” da “em” suke kiran juna, don haka wanda bai kula ba sai ya mayar da ma’aurata wa da ƙanwa. Idan faɗa ya kaure, mijin yakan bar “anh” da “em” ya koma “tôi” da “cô”. Mai karatu a can zai gane nan take cewa zama ya yi tsami. A Hausa kuwa duka “ni” da “ke” ne. Dole mai fassara ya nuna sauyin ta wata hanya, misali mijin da ya saba kiran ta da sunan lele ya ce mata, “Ke Malama!”