Kanasta: Wanda Ya Kwashe Tari Shi Ke Da Wasa

Kanasta wasan karta ne da aka ƙirƙiro a birnin Montebidiyo na ƙasar Yurugwai a 1939. Lauya Segundo Santos da abokinsa Alberto Serrato, mai zanen gine-gine, su suka tsara shi. Daga nan ya ƙetara Ajantina, ya kai Amurka, inda ya zama ruwan dare a farkon shekarun 1950. Yau yana da salo iri-iri, amma bayaninmu a kan na asali ne: mutum huɗu, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa.

Ana haɗa kwalin karta biyu da joka huɗu, kati 108 ke nan. A raba wa kowa goma sha ɗaya, a kife sauran a tsakiya, abin da masu wasan wot ke kira kasuwa. Sai a buɗe kati ɗaya a gefe, shi ne farkon tari, inda kowa zai riƙa yar da katinsa. In yi ya zo kanka, ko dai ka ja ɗaya daga kasuwa, ko ka kwashe tarin gaba ɗaya in doka ta ba ka dama. Daga nan ka shimfiɗa abin da kake so a tebur, ka yar da kati ɗaya. Ɓangaren da ya fara tara maki 5,000 shi ya ci.

Abin da ake shimfiɗawa shi ne haɗi: kati uku ko fiye masu lamba ɗaya, kamar tara uku ko sarki huɗu. Ba a duba launi, ba a kuma jera huɗu, biyar, shida. Joka da duk kati mai lamba biyu wakilai ne, suna tsayawa a madadin kowane kati. Sai dai kowane haɗi dole ya ƙunshi katin asali aƙalla biyu, wakilai kuma kada su wuce uku. Haɗin da ya kai kati bakwai shi ne kanasta. Wadda ba wakili a cikinta maki 500 ce, mai gauraye 300. Ba wanda zai ƙare katinsa ya rufe zagaye sai ɓangarensa yana da kanasta ko da ɗaya.

To me ya sa hankalin gwanaye yake kan tari? Lissafi ne mai sauƙi. Wanda ke jan ɗaya yana yar da ɗaya, katinsa ba ya ƙaruwa. Goma sha ɗaya aka ba shi, kuma da na hannu da na tebur goma sha ɗaya za su zauna har a tashi. Shi da abokinsa ashirin da biyu ke gare su, da ƙyar su fitar da kanasta ɗaya ko biyu. Tari kuwa kati huɗu yake ƙaruwa a kowane kewaye, kewaye biyar ya kai wajen ashirin. Wanda ya kwashe shi ya kusan ninka dukiyar ɓangarensa a yi guda, kuma ya samu katin banza da zai riƙa yarwa ba fargaba.

Shi ya sa aka tsaurara dokar ɗauka. Katin da ke sama shi ne mabuɗi, kuma dole a shimfiɗa shi nan take. In tari a buɗe yake, hanya uku ce: kana da irinsa biyu a hannu, ko irinsa ɗaya da wakili, ko kuma ɓangarenku ya riga ya shimfiɗa haɗin wannan lamba, sai ka ɗora shi a kai. In kuwa a kulle yake, hanya ɗaya tak ta rage: katin asali biyu irinsa daga hannunka.

Tari a kulle yake ga duk ɓangaren da bai yi shimfiɗar farko ba, ita kuma tana da ƙa'ida. Mai ƙasa da maki 1,500 yana buƙatar 50, daga 1,500 ana neman 90, daga 3,000 kuwa 120. A ce kuna da 1,600, na damanka ya yar da sarki, kai kuma kana riƙe da sarki biyu, da kati mai harafin A guda biyu, da mai lamba biyu guda ɗaya. Sarki uku maki 30 ne. A biyu da wakilin, kowane 20, sun ba da 60. Jimla 90 cif, tari ya zama naka. Amma ka lura, katin sama kaɗai ake ƙirgawa cikin 90 ɗin, na ƙarƙashinsa ba sa taimakawa.

Kullewa da gangan kuwa ita ce ka yar da wakili. Ana gicciye shi a tarin don kowa ya gani, kuma daga nan tari ya kulle ga kowa, har da kai, sai ranar da wani ya kwashe. Kada a haɗa wannan da baƙin kati mai lamba uku, wanda mutum ɗaya kawai yake tarewa, na hagunka, na yi ɗaya.

Ga lokacin da kullewa take biya. Abokan hamayya sun shimfiɗa takwas, tara, sarauniya da biyar, kowannensu ya rage da kati uku ko huɗu a hannu. Ku kuwa hannunku cike yake. Muddin tari a buɗe yake, duk ɗayan lambobin nan huɗu da ka yar, na hagunka zai ɗora a haɗinsu ya kwashe. Da zarar ka gicciye mai lamba biyu, al'amari ya juya. Lambobin da suka shimfiɗa su suka fi aminci a yar, don galibi sun riga sun zube abin da suke da shi. Su kuma da ɗan guntun hannunsu, ba da jimawa ba katin amincinsu zai ƙare, dole su yar da abin da kuke jira.

A nan ƙirga take aiki. Kowace lamba kati takwas ne. In sarki huɗu suna tebur, ka ga biyu sun shiga tari, kana riƙe da ɗaya, to ɗaya ne ya rage a ɓoye, ba mai iya haɗa biyu. Yar da naka hankali kwance. Akwai kuma tarko: mai riƙe da shida huɗu yakan yar da ɗaya, har ma biyu, don na damansa ya ɗauka ba ya son shida. Yana yarwa, sai a fito da biyun da aka ɓoye.

Kullewa tana da nata haɗari. Wakilin da ka yar ya tafi, mai yiwuwa ga abokan hamayya. In hannayensu sun fi naku yawa, su za su fi ku nau'in kati bibbiyu, kun kulle wa kanku ke nan. In kuma suna da kanasta, suna iya ƙare katinsu su rufe zagaye, duk abin da ya rage a hannunku a cire shi daga makinku, joka ɗaya 50. Alamar ita ce ka ga suna zube komai a tebur ba sa waiwayar tari. A nan sai ku shimfiɗa abin da za ku iya tun da wuri.

Kuskuren sabon shiga shi ne gaggawar shimfiɗa duk haɗin da ya samu, hannunsa ya bushe, ya rasa abin ɗaukar tari da abin karewa. Don haka, mai karatu, in ka zauna wasan, shimfiɗa iya abin da ƙa'ida ta nema, riƙe kati bibbiyu, tuna abin da na hagunka ya yar, kuma kafin ka gicciye wakili, ƙirga katin da ke hannun kowa.