Sa Hannun da Ba Ya Karɓar Gyara

Da yawa suna ɗaukar hoton sa hannunsu su manna a ƙasan takardar PDF, su ce sun yi sa hannu na dijital. Wannan hoto ne kawai, kowa na iya yanke shi ya liƙa a wata takarda. Na gaskiyar lissafi ne, kuma daga cikin rubutun takardar ake fitar da shi.

A ce ɗan kasuwa a Kano ya rubuta wa abokin cinikinsa na Legas yarjejeniyar buhu 400 na riɗi. Manhajarsa za ta fara bi da takardar ta cikin wani lissafi, misali SHA-256, wanda ke fitar da jerin haruffa da lambobi guda 64. Jerin nan tamkar zanen yatsan takardar ne. Idan wani ya mayar da 400 ta koma 900, ko ya ƙara waƙafi ɗaya tak, jerin zai rikiɗe gaba ɗaya.

Ɗan kasuwar yana da mabuɗai biyu da aka ƙirƙira tare. Ɗaya na sirri ne, ba ya barin hannunsa. Ɗayan kuwa yana raba wa kowa. Da na sirrin manhaja ke sarrafa jerin nan, abin da ya fito shi ne sa hannun. Can a Legas, manhajar mai karɓa za ta sake lissafa jerin daga takardar da ta iso, sannan ta gwada shi da sa hannun ta amfani da mabuɗin da aka raba. In sun dace, to mai mabuɗin sirrin ne ya sa hannu, kuma ba a taɓa ko harafi ba. In an taɓa, manhaja za ta nuna cewa sa hannun bai inganta ba. Diffie da Hellman ne suka kawo wannan tunani a 1976, a 1977 kuma Rivest da Shamir da Adleman suka samar da RSA da ya aiwatar da shi.

Sai dai lissafin mabuɗi ya sani, bai san mutum ba. Wanda ya sace mabuɗinka na sirri zai sa hannu da sunanka, kuma sa hannun zai inganta sarai. Wannan ya fi komai damuna, ganin yadda muke barin waya da kwamfuta a hannun yaran shago.

To wa ya ce mabuɗin da aka raba na ɗan kasuwar ne? Kamfanonin ba da takardar shaida ne ke tantance mutum, su ɗaura sunansa da mabuɗinsa. Su ma akan cuce su. A 2011 an kutsa cikin DigiNotar na ƙasar Holan, aka fitar da shaidun bogi da sunan Google, aka yi amfani da su wajen leƙen asirin mutane a Iran. Manyan manhajojin shiga intanet suka janye amincewa da shaidunsa, kamfanin ya durƙushe a shekarar.